Ku duba min saƙon muryar da zan tura wa kwastomomina na rangwamen Sallah

Maman_Ilham_Atamfa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa. Ina sayar da atamfa daga gida a nan Kano, daga Kwari nake sarowa. Ina da kwastomomi kamar 180 a WhatsApp waɗanda suka taɓa saye a wajena, galibinsu mata, kuma da yawansu sun fi son a yi musu magana a kan a rubuta musu. Ina so in yi musu rangwamen Sallah. Ga abin da na rubuta zan karanta:

"Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Kwastomomina masu albarka, ina yi muku barka da shigowar wannan wata mai alfarma, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya sa muna cikin 'yantattun bayi, Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya mana zuri'a. Ina godiya da yadda kuke ba mu haɗin kai shekara da shekaru. Albishirinku! Mun kawo sababbin kaya masu kyau da rahusa, kuma mun yi ragin kashi goma cikin ɗari, sannan za mu kai muku har gida kyauta. Ku hanzarta kafin su ƙare, garaɓasar za ta ƙare kafin Sallah. Na gode."

Ya yi ko a gyara? Kuma ta wace hanya zan tura ya isa ga kowa?

Hajiya_Binta_Leshi:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Addu'o'in sun yi kyau, amin. Amma ki ɗauka ni ce kwastomar, ina tsaye a kicin da la'asar ina suyar ƙosai, na danna saƙon. Zan ji sallama da addu'a kusan rabin saƙon ban san wacece ke magana ba, ban san me ake sayarwa ba. Ko sunanki ba ki faɗa ba, ko kalmar atamfa ba ta fito ba. Wadda ta sayi turmi ɗaya a wajenki bara ba lallai ta gane muryarki ba, kuma saƙon zai iya zuwa hannun wadda aka tura wa daga wani wajen. Bayan sallama, abu na farko shi ne sunanki da abin da kike sayarwa. Addu'ar ki bar guda ɗaya a farko, sauran ki kai su ƙarshe.

Sani_Kwari_Layin_Shadda:
Hajiya ta faɗi nata, ni lissafin nake so mu fara dubawa kafin a zo ga daɗin baki. Maman Ilham, nawa kike saro turmi, nawa kike sayarwa, kuma nawa ɗan aike yake karɓa ya kai cikin gari?

Maman_Ilham_Atamfa:
Wadda zan yi ragin a kanta ina sarowa 15,000 ina sayarwa 18,000. Kai kaya kuwa ya danganta da unguwa, amma a ce 1,500.

Sani_Kwari_Layin_Shadda:
To kin gani. Ribarki a turmi 3,000 ce. Kashi goma na 18,000 shi ne 1,800, saura 1,200. Ki cire 1,500 na ɗan aike, kin shiga uwar kuɗi da naira 300 a kan duk wadda ta sayi turmi ɗaya, ba a ma sa kuɗin adaidaita da kika biya daga Kwari zuwa gida ba, ba a sa leda ba. Kuma irin wannan saƙon masu turmi ɗaya ya fi jawowa. Iya yawan cinikin iya yawan asarar.

Abin da zan ba ki shawara, ki ɗaura ragin a kan yawan da aka saya. Turmi ɗaya ya tsaya a 18,000 ɗinsa. Turmi biyu 34,000 maimakon 36,000, ribarki 4,000, mai kaya ta biya kuɗin kaiwa. Daga turmi uku zuwa sama a ba ta kowanne 17,000 kuma ki kai mata kyauta a cikin gari: 51,000 ke nan, ki cire 45,000 na sari, ki cire 1,500, kin tsira da 4,500. Lokacin Sallah mace ba ita kaɗai take yi wa saye ba, akwai 'ya'ya, akwai uwar miji, akwai ƙanne. Ba wuya mai niyyar ɗaya ta ƙara na biyu.

Sannan kar ki ce "kashi goma cikin ɗari" a murya. Ba wanda zai tsaya yin lissafi da azumi a bakinsa. Ki faɗi kuɗin da ake saye da, ki faɗi na yanzu.

Ummu_Sudais:
Ni dai a ganina ba a faɗin farashi a saƙon murya. Ki ce musu akwai rangwame, mai so ta yi magana. In ta yi magana ai kin samu hanyar nuna mata sauran kaya. In kin faɗi kuɗi, wata tana ji za ta ce ya yi tsada ta wuce, kuma masu irin sana'arki za su ji su karya nasu.

Hajiya_Binta_Leshi:
Ummu Sudais, wannan dabarar tana aiki da baƙin ido, amma waɗannan mutanenta ne, sun san farashinta na da. In ta ɓoye na yanzu, mutum 180 in kashi ɗaya cikin uku ma suka tambayi "nawa?", za ta wuni tana maimaita magana ɗaya ga mutum sittin, ga girkin buɗa baki. Kuma akwai masu kunya, ba za su tambaya ba don gudun su ji kuɗin su kasa saye.

Ummu_Sudais:
Hajiya na ji, amma kasuwar yanzu fa ba ta da tabbas. Ta faɗi 17,000 yau, jibi ta koma Kwari ta tarar an ƙara dubu ɗaya a sari, muryarta tana nan a wayoyin mutane tana cewa 17,000. Ya za ta yi?

Sani_Kwari_Layin_Shadda:
Nan kam kina da gaskiya, kaya suna motsawa in azumi ya yi nisa. Maganinsa shi ne ta yi alƙawari a kan abin da ke ɗakinta kawai. Ta ƙirga, ta faɗi adadin a cikin saƙon, ta ce in sun ƙare ragin ya ƙare.

Dan_Studiyo_Zariya:
Maman Ilham in kina so muna haɗa talla da murya mai kyau, mu sa kiɗa a ƙasa da amsa-kuwwa kamar ta rediyo. Ki turo rubutun kawai, kwana ɗaya an gama.

Hajiya_Binta_Leshi:
Malam ba abin da ta tambaya ba ke nan. Kwastomominta ita suka sani. Da zarar sun ji kiɗa da muryar namiji yana kirari, sun san talla ce ta kowa da kowa, za su rufe. Ballantana cikin azumi, da yawa ba za su so kiɗa ya tashi a wayarsu ba. Aikinka yana da wajensa, amma ba a nan ba.

Dan_Studiyo_Zariya:
Allah Ya ba da haƙuri Hajiya, na ɗauka tallar Status ake nema. To tunda na shigo, bari in ba da abin da na sani. Kar ta ɗauka a tsakar gida ko kusa da fanka, iskar fanka tana shiga makirufo ta rufe magana. Ta shiga ɗaki mai labule da katifa ta rufe ƙofa, ta riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinta, ɗan gefe kaɗan. In ta danna alamar makirufo ta ja sama zai kulle, ba sai ta riƙe ba, kuma za ta iya tsayarwa ta saurara kafin ta tura. Ta saurara da lasifikar waya, don haka yawancin mutane za su ji shi. Wajen faɗin kuɗi ta rage sauri, akwai masu sauraro a 1.5x ko 2x, "sha bakwai" da "sha takwas" suna iya cakuɗewa.

Abban_Walid:
Maganar turawa ba ta da wahala. Ki buɗe guruf ki zuba su duka 180 ɗin, ki rufe yadda ke kaɗai za ki yi magana, ki tura sau ɗaya. An gama.

Zee_Turaren_Wuta:
Don Allah Anti kar ki yi haka. An taɓa saka ni a irin wannan guruf ɗin ba a tambaye ni ba, kafin dare wasu lambobi da ban sani ba sun fara yi min sallama ta gefe. A guruf kowa yana ganin lambar kowa, kuma matan aure ne yawanci. Wata mijinta zai tambaye ta wa ya saka ta. Za ki ga suna fita ɗaya bayan ɗaya, wata ma ta toshe ki. Broadcast shi ne daidai, yana zuwa wa kowa kamar ita kaɗai kika tura wa, amsarta kuma ke kaɗai za ki gani. Yana kai wa duk lambar da kika saka.

Malam_Nura_Gyaran_Waya:
Zee ta yi daidai a kan guruf, amma jimlarta ta ƙarshe akwai gyara. Broadcast ba ya isa ga duk wanda kika saka. Sai wanda ya adana lambarki a wayarsa ne kaɗai zai samu. Ke kin adana tata bai wadatar ba, dole ita ma ta adana taki. Wannan shi ne abin da yake cin mutane, su tura wa mutum ɗari biyu su zauna jiran amsa, ashe rabi ko saƙon bai je musu ba.

Jeri ɗaya yana ɗaukar mutum 256, don haka 180 ɗinki za su shiga guda. Yadda za ki gane wanda bai samu ba: bayan kin tura, ki ba shi kwana ɗaya, ki danne saƙon a cikin jerin ki shiga Info. Za ki ga waɗanda ya isa gare su da waɗanda suka buɗe. Wadda har washegari bai isa gare ta ba, alhali kina ganin alamar tana hawa, to kusan tabbas ba ta adana lambarki ba. Su waɗannan sai ki bi su ta gefe. In Forward za ki yi, mutum biyar yake bari a lokaci ɗaya.

Amma ki bi a hankali da su. Kar ki zauna ki watsa abu iri ɗaya ga mutum saba'in da ba su da lambarki cikin awa guda. Saƙo daga baƙuwar lamba yana zuwa musu da zaɓin toshewa da kai ƙara, in masu dannawa suka yi yawa ana iya rufe miki layin, kuma a kakar Sallah ba asarar da ta kai wannan. Ki fara da waɗanda kuka yi hira kwanan nan, ki ƙara da cewa don Allah su adana lambar.

Maman_Ilham_Atamfa:
Malam Nura Allah Ya saka. To in na sa a Status fa, ba zai wadatar ba?

Malam_Nura_Gyaran_Waya:
Shi ma sai wadda kuka adana lambar juna za ta gani, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Murya a Status da daƙiƙa 30 ce, daga baya aka mayar minti ɗaya. Ki ɗauke shi a matsayin tuni, kullum ki sa hoton zanen da ya rage. Sanarwar kanta ki tura wa mutum cikin akwatinsa.

Tela_Mai_Keke_Uku:
Ni tela ne, bari in sa baki a kan "kafin Sallah" da kika rubuta. Wace rana ce kafin Sallah? Ko ranar Sallar ma ba a sani ba sai an ga wata, ko 29 ko 30. Kuma atamfa ba takalmi ba ce da za a saya ranar jajibere a saka da safe. Mu a shagonmu in azumi ya raba tsakiya mun daina karɓar ɗinki, wasu ma tun goman farko suke rufewa. In kin bar wa'adin a buɗe, mace za ta ce sai an yi albashi, sai ta zo saye 25 ga wata, ta rasa mai ɗinka mata, ta fasa. Ki sa rana takamaimai, ki faɗi sunan ranar da kwanan azumin, kuma ki gaya musu dalili: don su samu su kai ɗinki. Wannan gaskiya ce, kowace mace ta san ta, ba sai kin ce "ku hanzarta" ba.

Abban_Walid:
Amma Tela, masu albashi fa? In ƙarshen watan Bature bai faɗo cikin kwanakin ba, ta rufe musu ƙofa.

Hajiya_Binta_Leshi:
Wannan sai ta karɓi kafin alƙalami ta ajiye wa mutum. Ni dai ba na ajiye kaya da baki. Wata shekara na ware wa wata baiwar Allah leshi uku tun farkon azumi a kan za ta turo, na hana masu kuɗi a hannu, har aka sauko daga idi ba ta ƙara ɗaga wayata ba. Tun daga nan sai an ba da wani abu nake cirewa daga cikin kaya. Amma wannan ba sai ya shiga saƙon murya ba, zai tsawaita shi. Wadda ta tambaya a gaya mata.

Hadiza_Maradi:
Ni daga Maraɗi nake, ina saye wajen matan Kano ana sako min a mota. Abu biyu. In kin ce "kyauta har gida" ba ki ce cikin Kano ba, mu ma za mu ɗauka da mu. Na biyu, ki ce naira. A nan muna lissafi da jikka da dala na sefa, in tsohuwa ta ji "dubu sha bakwai" kawai, wani lissafin daban za ta yi a kanta. Kuma saƙon murya ya fi mana, da yawanmu makarantar Faransanci muka yi, karatun Hausar boko yana mana nauyi.

Ustaz_Kabiru_Littattafai:
'Yar uwa, ƙari a kan abin da Malam Sani ya ce na faɗin adadi. In turmi arba'in ne ki ce arba'in. Kar ki ce saura kaɗan alhali ɗaki cike yake, kuma ki guji rantsuwa a ciki. Ya zo a hadisi ingantacce cewa rantsuwa tana sa haja ta shige amma tana shafe albarka. Haka nan tsohon farashin da za ki ambata ya zama wanda da gaske kike sayarwa, ba a ɗaga shi a baki don ragin ya yi girma ba. Kwastoma ta dindindin tana da tsohuwar hirarku a wayarta, hawa sama kawai za ta yi ta gani.

Zee_Turaren_Wuta:
Ni wani abu nake yi da yake min aiki. Manyan kwastomomina, kamar mutum goma sha biyar da suke saye duk wata, ba na sa su a Broadcast. Kowacce ina yi mata nata da sunanta, "Anti wance ina wuni, ya jikin Mama", sannan in faɗi rangwamen. Su ne suke kawo min rabin cinikin.

Sani_Kwari_Layin_Shadda:
Yana da kyau, amma da sharaɗi: farashin ya zama ɗaya. In kina yi wa kowa nasa daban, baki yana iya zamewa ki ce wa wannan 34, ki ce wa waccan 33, kuma ƙawaye ne, za su haɗu a gidan biki. Ki yi gaisuwar daban, sanarwar kuma ki tura guda ɗaya ga kowa.

Zee_Turaren_Wuta:
Yaya Sani in na tura mata wanda aka rubuta Forwarded a kansa ai daɗin ya tafi. Ni takarda nake ajiyewa a gabana in karanta kuɗin daga ciki.

Maman_Ilham_Atamfa:
Na gode ƙwarai, na zauna bayan tarawihi na sake rubutawa. Na ƙirga kayan, turmi 46 ne. Ga shi:

"Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Maman Ilham ce mai atamfa. Na yi wa kwastomomina ragin Sallah a kan atamfar nan da kuka saba saye naira dubu goma sha takwas. Wadda ta ɗauki turmi biyu za ta biya naira dubu talatin da huɗu maimakon talatin da shida. Daga turmi uku zuwa sama, kowanne naira dubu goma sha bakwai, kuma zan aiko miki har gida kyauta in kina cikin garin Kano. Na wajen gari kuɗin mota nasu ne. Turmi arba'in da shida gare ni, in sun ƙare ragin ya ƙare. Daga gobe Litinin, biyar ga azumi, zuwa Alhamis sha biyar ga azumi, don ku samu ku kai ɗinki. Hotuna suna biye, kowanne da lambarsa. Ki turo min lambar wanda kike so. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya kai mu Sallah lafiya."

Na gwada, daƙiƙa 52 ya ɗauka.

Hajiya_Binta_Leshi:
Yanzu kika yi magana. Lambar da kika sa wa hotuna ta burge ni, ta raba ki da "mai shuɗin nan" alhali shuɗi huɗu ne. Ki rubuta lambar a takarda ki ɗora a kan turmin ki ɗauki hoton da ita, kuma ki ɗauka da hasken rana, ƙwan lantarki yana canza launi, sai kaya sun je a ce ba shi aka zaɓa ba. Kar ki zuba hotuna arba'in lokaci guda, ki cinye wa mutane data. In zane iri goma ne, hoto goma.

Abu ɗaya ya rage. Murya ba a bincika ta. Bayan kwana uku mace za ta so ta tuna ko nawa kika ce, ba za ta sake sauraro ba, za ta tambaye ki. Ki bi saƙon da rubutu layi uku: kuɗin biyu, kuɗin uku, ranar rufewa.

Kuma kar ki karanta kamar mai labarai. Ki haddace gaɓoɓin, ki faɗa yadda kike magana da su kullum.

Malam_Nura_Gyaran_Waya:
Na ga ba ki sa lambar asusu a murya ba, haka ya kamata. Sai wadda ta zaɓi kaya ki rubuta mata. Amma ki ƙara jimla ɗaya: asusun da suka saba turawa mai sunanki bai canza ba. Lokacin Sallah ana yawan ƙwace wa mutane WhatsApp ta hanyar neman lambobi shida da ake turowa a saƙo, sai ɓarawon ya bi kwastomomi da sabon asusu, ga muryarki a sama tana tabbatar musu akwai rangwame. Ki kunna Two-step verification tun yau. Kuma kar ki saki kaya a kan hoton rasit, sai kin buɗe manhajar bankinki kin ga kuɗin.

Ummu_Sudais:
Ya yi kyau ba laifi. Amma mai turmi ɗaya fa? Kin ce ragi ne na kwastomominki, wadda ta shekara uku tana saye ɗaya-ɗaya ta saurara ta ji ba ta samu komai ba. Ni zan ji ba daɗi. Ko 500 ce a cire mata.

Sani_Kwari_Layin_Shadda:
In ta cire 500 ribarta 2,500, ba ta faɗi ba. Sai dai ya rage ƙarfin tura mutum ya ɗauki na biyu, kuma farashi uku a saƙo ɗaya ya yi wa kunne yawa. Ni da zan bar shi, in ta zo in yi mata ihsani a ciniki.

Hadiza_Maradi:
Ko a ce mutum biyu za su iya haɗuwa su ɗauki biyu. Mu haka muke yi a nan don kuɗin mota ma.

Abban_Walid:
Wane lokaci za ta tura? Ni na ce da asuba bayan sahur, kowa yana riƙe da waya.

Zee_Turaren_Wuta:
Bayan sahur barci ake komawa Abban Walid, kafin a tashi saƙonnin guruf sun binne shi. Mata sai bayan tarawihi suke samun zama, wajen tara na dare. Da la'asar kam kar ma ta fara.

Tela_Mai_Keke_Uku:
Matata da hantsi take duba waya kafin ta ɗora sanwa. Da dare a gajiye take.

Maman_Ilham_Atamfa:
Zan raba jerin biyu, rabi yau da tara na dare, rabi gobe da sha ɗaya na safe, in ga wanne ya fi amsa. Na ƙara maganar asusu da ta haɗuwar mutum biyu, ya koma minti ɗaya da daƙiƙa biyar, don haka ba zai shiga Status ba sai na yi wani gajere. Ta mai turmi ɗaya ban yanke ba tukuna. Malam Nura, in na raba jerin, na gobe sai na sake ɗaukar murya tunda na ce "daga gobe Litinin", ko?

Malam_Nura_Gyaran_Waya:
Ki cire "gobe" ɗin kawai ki ce "daga Litinin", guda ɗaya zai yi wa duka biyun. Kuma ki haɗa masu yawan saye da masu saye jefi-jefi a kowane jeri, in ba haka ba ba za ki san ko lokacin ne ya kawo bambancin ko mutanen ba.